Gari Biyu, Tantabaru Biyu: Yadda Ake Gina Labarin da Neman Aure Ya Koma Zumunci

A yau mutane da yawa ta waya ake haɗa su. Wata ƙawa ta tura lamba, ko mai dalilin aure ta saka sunan mutum a zaurenta na WhatsApp, sai ga saurayi a wani gari da budurwa a wani gari suna gaisawa. Kaɗan daga cikin irin wannan haɗin ne ke kai wa ga ɗaurin aure. Sauran kan mutu murus bayan mako biyu. Amma akwai kashi na uku da ba a cika ba da labarinsa ba, wato waɗanda aure bai yiwu ba a tsakaninsu, amma hirar ta ƙi mutuwa, domin sun tarar da wani abu da dukansu biyun ke so, har a hankali suka zama mutanen juna.

Littattafanmu na soyayya, tun daga zamanin da suka cika kasuwar Kano a shekarun 1980 da 1990 har zuwa waɗanda ake karantawa a waya yanzu, sun saba da ƙofa biyu: ko a yi aure, ko a rabu da kuka. Labarin da ya ƙare da zumunci ya fi su wuyar rubutawa, domin babu kishiya, babu uban da ya hana, babu ranar biki da za a rufe da ita. Abin da marubuci yake da shi kawai shi ne hira. Saboda haka duk nauyin labarin yana kan abin da mutanen biyu ke hira a kansa. Idan marubuci ya san wannan abin da gaske, labarin zai tsaya da ƙafarsa. Idan bai sani ba, babu gwanintar harshe da za ta cece shi.

Abin da ya taɓa faruwa da gaske

Kafin mu gina namu, yana da kyau a san cewa irin wannan abota ba ƙagen marubuta ba ce. A shekarar 1949 wata marubuciya a birnin New York, Helene Hanff, ta aika wa wani kantin tsofaffin littattafai a Landan wasiƙa tana neman littattafan da ta rasa a garinsu. Ma'aikacin kantin, Frank Doel, shi ya riƙa ba ta amsa. Wasiƙun farko duk na ciniki ne: ga littafi kaza, ga kuɗinsa. Da ta ji cewa har lokacin ana rabon abinci da ƙa'ida a Ingila saboda raɗaɗin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta fara aika wa ma'aikatan kantin nama da ƙwai. Daga nan matarsa da abokan aikinsa suka shiga rubuta mata. Sun yi kusan shekara ashirin a haka, har ya rasu a ƙarshen 1968, ba su taɓa ganin juna ba. A 1970 ta tattara wasiƙun ta buga da sunan adireshin kantin, 84, Charing Cross Road.

Abu biyu ne marubuci zai ɗauka daga nan. Na farko, maganar littattafai ba ta taɓa fita daga wasiƙun ba, ko bayan sun shaƙu. Na biyu, mai karatu yana gane shaƙuwar ne daga ƙananan canje-canje, kamar yadda gaisuwar kan wasiƙa ta sauko daga ta ofis zuwa kiran suna, da yadda iyali suka shigo ciki. Babu inda aka tsaya ana shelar cewa an zama aminai.

Mutanenmu biyu

Bari mu ƙirƙiri namu labarin, mu bi shi daki-daki. Mu ce sunanta Sa'adatu, malamar firamare a Jos. Shi kuma Bello, tela ne a Sakkwato. Mai dalilin aure ce ta haɗa su. Saƙonninsu na farko irin waɗanda kowa ya sani ne: an wuni lafiya, ya aiki, ya mutanen gida. Kwana uku a haka, hira na shirin mutuwa. Sai ta tura masa saƙon murya daga tsakar gida, shi kuma ya ji wani kuka a bayan muryarta.

"Malama, mi nika ji bayanki? Tantabaru na?"

"Su ne, Malam. Na babanmu ne. Aure shida suka rage."

"Ni ko aure goma sha ɗaya gare ni bisa soro."

Ku lura da abin da waɗannan layuka uku suka yi. Mun ji garinsa a bakinsa ba tare da an faɗa mana ba. Mun ji cewa tantabarun na mahaifinta ne, kuma kalmar "suka rage" ta bar mana tambaya: ina mahaifin, ina sauran? Ba ta ce ya rasu ba, shi ma bai tambaya ba. Marubuci ya ajiye wannan a gefe, zai dawo masa idan lokaci ya yi.

Zaɓen garuruwan ma aiki yake yi. Jos tana kan tsauni, da sanyi da ruwan sama mai yawa. Sakkwato kuwa a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Shi damuwarsa ruwan sha da inuwa, ita damuwarta danshi da iska mai shiga ɗakin tsuntsaye. Don haka shawarar da ta yi aiki a wurinsa ba lallai ta yi a wurinta ba, kuma daga nan ne gardama mai daɗi ke fitowa. Nisan da ke tsakaninsu, tafiyar yini guda a mota ta Gusau da Funtuwa da Zariya, ya isa ya hana shi cewa gobe zan leƙo.

Tantabara ce agogon labarin

Babbar matsalar labarin da abota ke girma a hankali ita ce lokaci. Ta yaya za a nuna makonni suna wucewa ba tare da an yi ta cewa "bayan kwana biyu", "bayan mako guda" ba? A nan ne kiwon tantabara ya dace da wannan aiki, domin yana zuwa da lissafinsa.

Tantabara ƙwai biyu take yi, na biyun yakan zo kimanin kwana biyu bayan na farko. Mace da namiji ne ke karɓa-karɓar kwanci, shi da rana, ita daga yamma har wayewar gari. Wajen kwana biyar zuwa bakwai, idan aka haska ƙwan da fitila a cikin duhu, mai ɗa zai nuna jajayen jijiyoyi, wanda babu komai kuwa zai fito fayau. Kwana goma sha takwas, ko ƙasa da haka da ɗaya ko sama da ɗaya, sai ƙyanƙyasa. A kwanakin farko iyayen biyu ne ke ɗura wa 'ya'yan wani farin abu mai kauri da jikinsu ke haɗawa a maƙogwaro, kafin su koma ba su hatsi. Bayan mako huɗu zuwa biyar 'yan shila sun yi gashi, sun fara gwada fiffike.

Wannan lissafin shi ne ƙashin bayan labarinmu. Ranar da suka fara maganar tantabaru, ranar ce wani aure na Sa'adatu ya fara kwanci. A rana ta biyar shaho ya ɗauke macen. Namiji shi kaɗai ba zai iya riƙe kwanci dare da rana ba, zai gaji ya tashi, ƙwan ya huce ya zama baragurbi. Ta rubuta wa Bello a rikice. Shi kuma bai tsaya jaje mai tsawo ba, tambaya ya yi: akwai wani auren da ya yi ƙwai kusan rana ɗaya da waɗannan? Akwai, wasu sababbin aure da suka yi ƙwansu na fari. Ya ce ta shiga ɗaki ta haska nasu da fitilar waya. Ta haska, babu jijiya ko ɗaya. Ya ce ta ɗauke su, ta saka na marayun a gurbinsu kafin su huce.

Dalilin da ya sa ya tambayi rana shi ne, jikin masu riƙon yana shirya abincin 'ya'ya ne bisa lissafin nasu kwancin. Idan ƙwan da aka ba su ya riga nasu da kwanaki masu yawa, ɗa zai fito abinci bai samu ba. Idan kuma ya yi baya sosai, za su gaji da jira su tashi. Ratar kwana biyu ko uku ita ce ake iya ɗauka. Marubuci ba zai zuba duk wannan bayani a labarin ba. Layi ɗaya ya isa a bakin Bello. Amma dole shi marubucin ya san shi, domin daga wannan sanin ne mai karatu zai yarda cewa Bello mutum ne mai lura, wanda ake iya dogara da maganarsa.

Inda aure ya fita

Idan ba a rufe ƙofar aure da dalili mai ƙarfi ba, mai karatu zai yi ta jiran biki har layin ƙarshe, kuma zai ji an yaudare shi idan bai gani ba. Dalilin kuma bai kamata ya mai da ɗayansu mugu ba, domin wanda ya ci amana ba a zumunci da shi.

A labarinmu, rana ta tara sakamakon gwajin jini ya fito. Dukansu AS ne. Mai karatu na yau ya san abin da wannan ke nufi: a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon sikila. Maganar ta shiga gari sosai, har Jihar Kano ta yi dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024. Babu mai laifi a cikinsu. Suka yi wa juna fatan alheri, kowa ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, aka yi shiru.

Shirun nan kwana tara ne, kuma marubuci bai kamata ya cika shi da hawaye ba. Ya nuna ta tana canza ruwa da safe kafin ta tafi makaranta, ya nuna shi yana watsa dawa a kan soro bayan la'asar. Sannan saƙo ya shigo:

"Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha takwas. Sun ƙyanƙyashe?"

Wannan shi ne tsakiyar labarin. Bello ba shi da sauran abin nema a wurinta, amma yana ƙirga kwanakin ƙwan da ke wani gari. Duk abin da za a faɗa game da halinsa yana cikin wannan ƙirgen. Marubucin da ya ƙara masa da "na kasa mantawa da ke" ya rushe ginin, ya mai da labarin soyayyar da aka riga aka rufe.

Yadda hira ke zurfi

Daga nan hirar takan hau mataki-mataki, kuma kowane mataki ta ƙofar tantabaru yake shigowa. Da farko bayani suke musaya: gero ko dawa, a haɗa da ɗan wake ko kuwa. Sai su fara gardama, wadda alama ce ta sakin jiki, domin baƙo ba a yi masa musu. Sai kuma abin da ke zuciya ya fara ɓullowa ta gefe. Ya tambaye ta me ya sa take amfani da tsofaffin tukwane maimakon akwatin katako. Ta ce babanta ne ya rataye su da hannunsa, shekara biyu ke nan da rasuwarsa, kuma da aure ashirin ya bari, ita ce ba ta iya ba suka yi ta mutuwa. Yanzu ne tambayar da aka ajiye tun farko ta sami amsa, kuma ta zo ne a matsayin amsar tambaya kan tukunya.

Abota kuma ba ta tabbata sai an gwada ta. A mako na biyu bayan ƙyanƙyasa, Sa'adatu ta ga wani abu rawaya-rawaya a cikin bakin ɗaya daga 'yan shilan, kuma ba ya cika ciki kamar ɗan'uwansa. Bello ya ce ragowar abinci ne, ta bar shi. Kwana uku ɗan shilan ya mutu. Ashe ciwon maƙogwaro ne da masu kiwo suka sani, wanda iyaye ke sa wa 'ya'ya wajen ɗura, kuma yake yaɗuwa ta kwanon ruwa. Ragowar abinci yakan goge cikin sauƙi, wannan kuwa yana manne da nama, bakin yana wari, tsuntsun yana ramewa. Ta kai ɗayan wurin likitan dabbobi, aka rubuta maganin da za a ba garken duka, aka ce ta riƙa wanke kwanon ruwa kullum.

Abin da Bello zai yi a nan shi ne ma'aunin labarin. Ba ya kare kansa. Ya ce shi ya ɓatar da ita, ya roƙi gafara, sannan ya tambayi sunan maganin da yadda aka ce a ba da shi, domin ya duba nasa. Malami ya koma ɗalibi. Daga wannan rana suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa na da abin da zai koya wa ɗan'uwansa.

Iyali da iyaka

Mai karatu Bahaushe zai yi tambaya, kuma yana da gaskiya: namiji da mace da ba muharramai ba, aure ya fita, wace irin hira ce ta rage? Labarin da ya kauce wa wannan tambaya ba zai karɓu ba. Amsarta kuma a aikace take. Hirar ba ta dare ba ce, ba ta ɓoye ba ce. Ƙanin Sa'adatu ne ke ɗaukar hoton tsuntsayen, har ya karɓi lambar Bello yana yi masa tasa tambayar. Mahaifiyarta takan ce a gaishe da mai tantabaru. Kiran suna ma yana canzawa: daga "Malam" da "Malama" zuwa "Yaya Bello" da "ƙanwata". Da Bello ya sami wadda zai aura, Sa'adatu na cikin waɗanda ya fara faɗa wa, kuma daga baya amaryar da kanta take ɗaukar waya su gaisa. Abin da ya fara tsakanin mutum biyu ya zama na gida biyu, kuma a wurinmu ta haka ne irin wannan alaƙa take samun wurin zama.

A kula da maganar kuɗi. Masu karatu sun sha jin labarin 'yan damfarar waya, don haka da zarar ɗayansu ya nemi a tura masa wani abu tun da wuri, zuciyar mai karatu za ta tafi wani wuri. A bar kyauta sai ƙarshe, kuma ta zama wadda ba a roƙa ba.

Rabon kalmomi da gwajin aiki

Gajeren labari ba shi da filin ɓarna. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, takan nemi labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. A irin wannan tsawo, fage biyar ko shida kawai za su shiga: kukan tantabara a saƙon murya, shaho da musayar ƙwai, sakamakon gwaji da shirun da ya biyo baya, saƙon rana ta goma sha takwas, mutuwar ɗan shila, sai rufewa. Gaisuwar da ke buɗe kowace hira a rayuwa ta gaske, sau ɗaya ko biyu ta isa a takarda. Fagen shaho da na mutuwar ɗan shila su ne za su ci kalmomi mafi yawa, domin a nan ne ake ganin hali.

Idan an gama rubutu, akwai gwaji uku da ke tona asirin rauni. Na farko, a cire tantabaru a saka ƙwallon ƙafa ko ɗinki. Idan labarin bai rushe ba, to tantabarun ado ne kawai, ba su yi aikin komai ba. A namu labarin, in aka cire su babu kwana goma sha takwas, babu dalilin da zai sa Bello ya sake rubutu. Na biyu, a rufe sunayen masu magana a karanta wa wani. Idan ya kasa gane wa ke magana, muryar marubuci ce kaɗai a ciki. Bambancin ba na karin harshe ba ne kawai: Bello gajerun tambayoyi yake yi, Sa'adatu kuwa malama ce, sai ta jero bayani daga farko. Sakkwatancin ma ɗan kaɗan ake sakawa, kada a mai da mutum abin dariya. Na uku, a nemi duk jimlar da ke cewa "sun shaƙu" ko "ta ji ta yarda da shi" a goge. Idan bayan gogewar ba a ganin shaƙuwar, to ba a rubuta ta ba tukuna.

Rufewa

Jarabawar ƙarshe ita ce sha'awar faranta wa mai karatu da aure: a ce asibiti ne suka yi kuskure, a sake gwaji, a ɗaura. Wannan yana zubar da duk abin da aka gina, domin yana nuna cewa zumuncin zaman jira ne kawai, ba shi da darajar kansa. Kuma yana koya wa matasan da ke cikin wannan hali su rataya zuciyarsu ga abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Rufewar da ta dace daga cikin kiwon za ta fito. Bello ya kai kwali mai huji tashar mota, ya damƙa wa direban Jos, ya ba shi lambar ƙanin Sa'adatu. A ciki akwai 'yan shila biyu masu mako huɗu da 'yan kwanaki. Ya zaɓi ƙanana ne da gangan, domin babbar tantabara ta riga ta san gidanta, idan aka sake ta a baƙon wuri sai ta tashi neman inda ta fito ta ɓace. Wadda ba ta taɓa tashi ba kuwa, inda ta fara shawagi nan ne gidanta. Saƙon da ya biyo baya umarni ne na mai kiwo: a ba su ruwa kafin hatsi, a ware su daga sauran na mako biyu a ga lafiyarsu, kada a buɗe musu ƙofa sai sun saba da wurin cin abinci. Ita kuma ta amsa da tambayar ko amarya ta ga turmin atamfar da mahaifiyarta ta bayar a kai mata. A nan marubuci zai ajiye alƙalami. Mutanen biyu ba su haɗu ba, wataƙila sai wani biki ko suna nan gaba, kuma labarin bai buƙatar ya kai mu can.